Yabo, Shiru Ko Bayani: Wace Magana Dillalin Mota Zai Tari Mai Saye Da Ita A Accra?

Duk wanda ke sayar da motocin hom-yus, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, a Accra yana da maganar da yake tarar mai saye da ita, ko ya rubuta ta ko bai rubuta ba. Yaran gareji ma ita suke haddacewa daga bakin maigidansu. Idan ka zagaya wuraren da ake jera motoci, daga Achimota zuwa Lapaz har hanyar Spintex, salo uku za ka ji. Akwai mai yabo zalla. Akwai wanda ba ya ƙarya amma ba ya faɗin komai sai an tambaye shi. Akwai kuma wanda ke fara faɗin aibin motar tun mai saye bai buɗe baki ba. Ni na ukun nake goyon baya, amma ba kyauta yake zuwa ba, kuma dillalin da zai ɗauke shi gara ya san abin da zai ci masa.

Don kwatancin ya fito sosai, mu ɗauki mota guda mu gwada salon uku a kanta. A ce Toyota Corolla LE ce ta 2015, an saye ta a gwanjon motocin inshora a Amurka, irin na Copart ko IAA, ta sauka a tashar Tema, an biya kuɗin kwastan. An buge ta a gaba ta ɓangaren dama. Bamba ta fashe, fitila ta tafi, fenda da bonet sun lotse, lagireto da kwandensar eyasi sun huje, jakar iskar sitiyari ta fashe. Ƙarfen shasi bai lanƙwasa ba. An gyara ta a nan da kayan da aka sayo a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, an yi fenti, tana sheƙi. Agogon tafiyarta na nuna 98,000. Abin da ya rage ba a taɓa ba uku ne: shokozoba na baya suna tsiyayar mai, tayoyi sun tsufa, kuma na'urar bincike tana nuna lambar matsala `P0420`. Irin wannan mota ita ce abincin yau da gobe na kasuwar, ba mummuna ba ce, ba kuma sabuwa ba.

Mai yabo zalla zai ce: "Alhaji, wannan ai kunna ka tafi ce. Wata tsohuwa ce ta riƙe ta a can, coci da kasuwa kawai take zuwa. Ba haɗari, ba komai, fentin kamfani ne." Ba zan daɗe a kan wannan ba, don ƙarya ce, kuma ƙarya ce da zamani ya riga ya kashe. Lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 tana nan a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, kowa na iya karantawa daga waje. Yaron Alhaji da ke riƙe da waya zai buga ta a intanet, kuma sau da yawa hotunan gwanjon za su fito, motar tana tsaye da bakinta a farfashe. Daga nan ciniki ya mutu, sunan dillali ma ya bi shi, domin a zango labari ba ya kwana. Mutumin da ka cuta a Nima, ɗan'uwansa na Madina zai ji kafin sallar Juma'a.

Salo na biyu shi ne abokin takarar gaske, don mutanen kirki da yawa a kansa suke, kuma suna ganin sun fita haƙƙi. Maganarsu ba ta wuce: "Ga mota nan, Alhaji. Ka duba da kyau, ka kawo makanikenka. Abin da ka gani shi ka saya." In an tambaye su ko ta yi haɗari, sai su ce, "An ɗan taɓa gaban, an gyara." Ba su ƙara ko kalma.

Wannan salo yana da amfaninsa, kada a raina shi. Ba ya buƙatar shiri ko kashe kuɗi. Ba ya tsorata mai saye tun daga bakin ƙofa. Idan mai sayen bai iya tambaya ba, motar za ta tafi da farashi mai kyau. Kuma idan abokin cinikin ɗan kasuwa ne irinka, ko makanike daga Suame Magazine a Kumasi wanda ya zo da fitilarsa da na'urarsa, kusan ya wadatar, domin shi da idonsa yake saye, ba da bakinka ba.

Matsalarsa tana fitowa ne idan aka bi yadda cinikin ke gudana da mutum na gari. Ka ce ya kawo makanike, ya kawo. Makaniken nan an biya shi ne don ya gano wani abu, in bai gano ba kamar bai yi aiki ba. Zai buɗe bonet, ya duba kawunan kusoshin da ke riƙe da fenda, ya ga fentinsu ya kankare alamar sifana ta hau su. Zai ga fitilar dama ta fi ta hagu haske da sabunta. Zai shafa gefen bonet ya ji kaushin sabon fenti. Sai ya ja Alhaji gefe ya rage murya: "Motar nan ta yi haɗari." Abin da ya faɗa gaskiya ne, kai ma ka sani, amma yanzu daga bakin wani ya fito, kuma ya fito a matsayin asirin da aka tona. Alhaji ba zai ƙara tambayar girman haɗarin ba. Abin da ke ransa shi ne, in an ɓoye wannan, me kuma aka ɓoye? Injin da ke lafiya lau ya shiga zargi, giya ta shiga zargi, agogon tafiya ya shiga zargi. Ragin da zai nema ba na gyaran fenda ba ne, na tsoro ne, kuma tsoro ba shi da farashi tsayayye. A motar da ka sa wa, a ce, sidi 160,000, yana iya zabge 25,000 a tayi ɗaya, ko ya ce zai je ya yi shawara, ka san kuwa ma'anar wannan.

Akwai kuma abin da masu wannan salo ba su cika sani ba. Dokar sayar da kaya ta Ghana, wato Act 137 ta 1962, ta ɗora wa mai sayarwa sharaɗin cewa kayan ba su da aibin da ba a bayyana wa mai saye ba, ko wanda bai sani ba, kafin ƙulla ciniki ko lokacin ƙulla shi. Duba motar da mai saye ya yi yana sauke maka nauyin aibin da irin wannan dubawa ya kamata ta nuna ne. Lotsewar da ido ke gani tana ciki. Amma jakar iskar da ta fashe aka rufe wurin da sabon murfi, wannan ba abin da zagaya mota zai nuna ba ne. Don haka "abin da ka gani shi ka saya" ba katanga ba ce mai tsawo kamar yadda ake zato. Ta fuskar addini ma malamanmu sun sha karanta mana hadisin mai abincin da ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa, busasshen a sama, aka ce masa me ya hana ya sa shi a sama mutane su gani. Mutumin nan bai furta ƙarya ba, shiru ya yi.

Yanzu salo na uku. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka bayyana aibi yana nufin ka tsaya ka zazzage duk abin da ke damun motar kamar mai kai ƙara. Wanda ya yi haka zai kori mai saye, kuma bai ma taimake shi ba, domin ya haɗa masa babban abu da ƙarami a kwano ɗaya. Maganar tana da tsari: asalin motar, sannan aibi mafi girma, sannan abin da aka yi masa da shaidarsa, sannan abin da ya rage da kuɗin gyaransa, sai a ƙarshe abin da ke da kyau. Ga yadda za ta fito a kan Corollar nan.

"Alhaji, sannu da zuwa. Kafin ka zagaya ta, bari in gaya maka tarihinta, don abin da za ka gani kada ya zo maka ba zato. Daga gwanjon inshora na Amurka na saye ta, takardarta ta can ta motar haɗari ce. Ga hotunan ranar da na saya, kafin kowa ya taɓa ta."

Sai ka miƙa masa wayar a hannunsa, ya juya hotunan da kansa. Wannan miƙawar tana da nauyi. Hoton da zai iya samowa da kansa a daren nan, gara ya fara ganinsa a hannunka.

"Ka ga inda aka buge ta, gaba ta dama. Mun canja bamba, fitila, fenda, bonet, lagireto da kwandensa. Ga rasit ɗin kayan. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙarfen shasi, zo ka gani."

A nan ka buɗe bonet ka haska masa dogayen ƙarafan nan biyu da suka taho daga ƙarƙashin injin zuwa bayan bamba. Ka nuna masa na hagu da na dama, ya kwatanta: babu tattarewa, babu tabon walda, babu alamar an gasa an ja. Wannan shi ne bambancin motar da aka canja wa fata da wadda ƙashinta ya karye. Motar da shasinta ya lanƙwasa tana cin taya ta gefe ɗaya, tana ja zuwa wani ɓangare, kuma mai alaimen zai yi ta fama ba ta zauna ba. In kana da takardar alaimen da aka yi bayan gyara, nan ne wurin fito da ita.

Sai magana mafi nauyi, wadda dillalai suka fi gudu:

"Jakar iskar sitiyari ta fashe a haɗarin. Ba mu rufe wurin da fanko ba. Mun sa wata da aka ciro daga irin motar, mun canja bel ɗin direba don shi ma yana ƙullewa in jaka ta fashe, an kuma gyara kwamfutarta. Zauna ka kunna da kanka, ka sa ido a kan fitilar jakar iska."

Fitilar za ta kama tare da sauran, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu ita kaɗai. Ka bayyana masa dalilin kallon: in ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an rufe ta, in ta kama ta ƙi mutuwa, akwai matsala a tsarin. Sannan ka faɗi iyakar abin da ka sani, domin ita ce ke sa a yarda da sauran: "Fitila da na'ura sun nuna tsarin yana lafiya. Amma jakar ta hannu ce, ba sabuwa daga kamfani ba, kuma ba wanda ke iya gwada jaka sai ranar da ta fashe. In kana son sabuwa, a sa maka a ƙara kuɗinta." Masu sayar da mota da yawa suna ganin wannan jimla kashe kai ce. A ganina ita ce jimlar da ta fi kowace daraja a cikin maganar gaba ɗaya, saboda a nan ran mutum da na iyalinsa yake, kuma mai saye yana gane wanda ya damu da hakan.

Agogon tafiya kuma, ka riga shi: "Wannan 98,000 da ka gani mil ne, ba kilomita ba. A kilomita ya kusa 158,000." Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, kuma mutane da yawa suna karanta lambar motar Amurka a matsayin kilomita, dillali ya yi shiru ya bar su. Ka nuna masa lambar da ke jikin hoton gwanjo ta yi daidai da ta dashbod. Shekarar ma a nuna ta a VIN: harafi na goma shi ke faɗin shekarar ƙirar, F na nufin 2015, E 2014, G 2016. A kasuwar da ake sa wa tsohuwar mota fitilu da bamba na sabon yayi a ƙara mata shekaru, wannan ƙaramin abu yana kwantar da hankali.

Daga nan sai abin da ba a gyara ba, kuma kowane aibi ya zo da kuɗinsa a gefe. Aibin da ba a sa masa farashi ba, mai saye ne zai sa masa, kuma zai sa mafi tsada.

"Abu uku ban taɓa ba. Shokozoba na baya suna tsiyaya, leƙa ka ga jiƙar mai. Tayoyi suna da sauran zane amma sun tsufa, duba nan." A gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta; `2318` na nufin mako na 23 a 2018. Taya mai waɗannan shekaru, a zafin kwaltar hanyar Kumasi, ba abin dogaro ba ce ko da zanenta bai cinye ba. "Na uku, bari in sa na'ura a gabanka."

Ka jona na'urar OBD a ƙarƙashin sitiyari, lambar `P0420` ta fito. Ma'anarta matatar hayaƙin da ke cikin salansa ba ta aiki yadda ya kamata. Wani lokaci matatar ce ta gaji, wani lokaci sensa ce ta baya, wani lokaci salansar ce ke yoyo. Motar za ta yi tafiya, amma fitilar injin za ta zauna a kunne, kuma fitilar da ke kunne kullum tana ɓoye sabuwar matsala in ta zo. Ka faɗi wanda makanikenka ya gano a cikin ukun. Jarabar da ke nan ita ce a goge lambar da safe kafin mai saye ya iso, dashbod ya yi tsab. Wanda ya san aiki zai kama wannan cikin minti ɗaya, domin gogewa tana mayar da gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta zuwa farko, na'ura ta nuna ba su kammala ba, kuma ba sa kammala sai an yi tafiya mai ɗan tsawo. Lambar kuwa za ta dawo bayan kwana kaɗan, lokacin motar tana ƙofar gidan Alhaji. Barin lambar a wurinta ya fi goge ta arha.

Lissafin sai ya zama a fili. A ce shokozoba biyu da aiki sidi 1,800, tayoyi huɗu 2,800, matatar hayaƙi ta hannu 3,000. Jimla 7,600. Waɗannan lambobin misali ne. Na gaskiyar ka kira Abossey Okai da safen ranar, tunda farashin kaya yana bin dala. Sai ka ce: "Kuɗinta 160,000 in na gyara ukun nan kafin ka ɗauka. In ka fi so makanikenka ya yi, na cire 7,600." Ka lura da abin da ya faru da cinikin. A salo na biyu ana jayayya ne a kan abin da ba a sani ba. A nan ana jayayya a kan ko taya 700 ce ko 800. Alhaji zai nemi ragi duk da haka, ciniki ne, amma filin da zai yi wasa a ciki ya ƙuntata.

Sai yanzu ne lokacin yabo, kuma yanzu ne zai shiga kunne. Injin 1.8 ne, ka bar shi ya kwana bai tashi ba don mai saye ya ji tashinsa a sanyi, ya taɓa bonet ya tabbatar ba a ɗumama shi ba. Giyar wannan ƙirar CVT ce, ka gaya masa tana da nata mai na musamman, kada wani ya zuba mata man giya na gama-gari. Ku hau babbar hanya, ba zagayen layi ɗaya ba, a kunna eyasi, a taka birki da ƙarfi sau ɗaya a inda ba kowa. Ka ɗaga kafet ɗin but da na ƙarƙashin kujera ya ga ba laka, ba tsatsa a kan layin kujeru, ba warin danshi. Mutumin Accra da ya ga ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a Circle ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan abin da ruwa ke yi wa wayoyin mota.

To me wannan salo ke ci wa dillali? Na farko, wasu za su juya da jin kalmar haɗari, su tafi garejin maƙwabcinka inda za a rantse musu cewa tasa ba ta taɓa ko karce ba, alhali jirgi ɗaya ya kawo motocinku. Wannan yana da ciwo, kuma zai faru. Na biyu, yana son shiri: ajiye hotuna, tara rasit, sayen na'ura, biyan makanike ya duba kowace mota kafin a jera ta. Na uku, 'yan kamasho da ke kawo maka masu saye ba duka za su so shi ba, don sun riga sun yi wa mutum alkawarin mota marar tabo tun a hanya. Dole ka zaunar da su ka gaya musu abin da za su faɗa da wanda ba za su faɗa ba. Na huɗu shi ne mafi girma: salon yana bin ka har wurin sayayya. Motar da ruwa ya shanye, ko wadda shasinta ya karye aka yi walda, ba ta da wata magana ta gaskiya da za ta sayar da ita a farashin lafiyayya. Wanda ya zaɓi bayani zai ga ya daina taya irin waɗannan a gwanjo, ko ya sayar da su da sunansu ga masu neman kayan gyara.

Zaɓin ya danganta da wanda kake sayar wa da kuma tsawon zaman da kake nufin yi a sana'ar. Mai sayar wa 'yan kasuwa da makanikai zalla yana iya taƙaita magana, muddin ya faɗi abin da ido da na'ura ba sa gani, kamar jakar iska da ruwa. Amma mai sayar wa Hajiyar da ta tara kuɗin kasuwancinta, ko matashin da zai yi aikin Bolt ko Uber da motar yana biyan bashi duk mako, ko duk wanda za ku haɗu da shi a masallaci da wurin suna, salo na uku ne nasa. Waɗannan mutane ba su da idon gane fenti, da amana suke saye, kuma su ne ke turo 'yan'uwansu.

Abu na ƙarshe da ke ɗaure maganar shi ne a rubuta ta. Takarda ɗaya ta isa: lambar VIN, abin da agogo ke nunawa da cewa mil ne, inda aka buge, kayan da aka canja, matsayin jakar iska, aibi ukun da suka rage da wanda zai gyara su. A haɗa da takardun kwastan, a tabbatar lambar shasin da ke jikinsu ta yi daidai da ta motar harafi da harafi kafin a nufi DVLA, hukumar rajistar motoci, domin kuskuren harafi ɗaya yana iya tsayar da rajista. In za ka ba da garanti, ka faɗi iyakarsa a rubuce, misali injin da giya na wata ɗaya, ban da taya, batir da abin da haɗari ya jawo, kuma kada ka rubuta abin da aljihunka ba zai ɗauka ba. Ku sa hannu ku biyu da shaida ɗaya, kowa ya riƙe kwafinsa, ka kuma tura masa hoton takardar da hotunan gwanjon ta WhatsApp kafin ya fita daga garejin.